Neman kalma: me za mu kira gwajin da mita ke yin ƙara?

Mai Gyaran Wuta, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Ina koya wa yarana aiki da maltimita, wadda mu dai mita muke ce mata. Awon ƙarfin wuta ba matsala: baƙar waya a COM, ja a VΩ, a murɗa zuwa V~, a soka a soket, a ga kusan bolt 230 in wuta lafiya lau take. Inda na rasa kalma shi ne gwajin nan da mita ke yin ƙara in waya ba ta tsinke ba. Wani ya ce mini "ci gaba". Ni ban gamsu ba.

Ɗan Daura: Ci gaba kuma? Sai ka ce taron siyasa. Mu a shago "kuka" muke cewa. Ta yi kuka, kaya lafiya. Ta yi shiru, ya ƙone.

Malamin Fasaha: Ɗan'uwa, rabin maganarka daidai ne. A fis ko zallar waya, haka ne. Amma ɗauki dutsen guga mai wat 1000. Zare shi daga wuta, ka murɗa maɓallin zafinsa, ka ɗora wayoyin mita a ƙananan ƙafafu biyu na filogi. Abin zafin da ke ciki in lafiyayye ne zai nuna kusan om 53, wato 230 sau 230 a raba da 1000. Mitoci da yawa kuwa ba sa ƙara sai turjiya, wato yadda abu ke tauye wucewar wuta, ta yi ƙasa da om 30 zuwa 50. To ka ga mita za ta iya yin shiru alhali dutsen ƙalau yake. Yaron da aka koya wa "kuka" sai ya ce wa mai kaya ya ƙone. Allo za a duba: in ya nuna OL, ko 1 ita kaɗai a gefen hagu, nan ne hanya ta tsinke. Ni "gwajin tsinkewa" nake ba da shawara.

Hajiya Mai Ɗinki: Don Allah tawa mitar kati take cinyewa kamar me. Wannan gwajin zai nuna dalili?

Mai Gyaran Wuta: Hajiya, waccan mitar 'yan wuta ce, daban take. Malam, in na ce "hanya a buɗe" fa?

Malamin Fasaha: A'a, zai rikita su. A littattafan lantarki, da'irar da aka ce ta buɗe ita ce wadda ta tsinke, mu kuwa in hanya ta buɗe wucewa ake yi. Kuma ka ja musu kunne kada su yi wannan gwaji ko awon Ω a kan abin da ke jone da wuta, mitar na iya lalacewa, su ma wutar na iya jan su.

Ɗan Daura: "Tsinkewa" ta shige ni, Malam. Amma "turjiya" ɗin nan, wallahi a shago ba mai faɗinta. Om nawa kawai muke tambaya.

Mai Gyaran Wuta: Na ɗauki gwajin tsinkewa. Turjiya kuma a bar ta tukuna, mu ji ta bakin masu gyaran fanka.