Wakalar sayar da gida: yaya ake janye ta?

Assalamu alaikum, lauyoyinmu. Yayana yana Jidda, yana so in sayar masa da gidansa na Tudun Wada a Gombe. Mun rubuta takardar wakala mai lambar satifiket, mafi ƙarancin farashi, wa'adin wata 6, ba jingina, ba haya, kuɗi kuma asusunsa za su shiga.

Janyewa ce ta tsaya mana a wuya. Mai saye ya kafe sai an rubuta "ba a janyewa" kafin ya ba da kafin alƙalami, Yaya kuwa ya ce atafau. Idan ya janye bayan an karɓi rabin kuɗi, cinikin ya rushe? Rubutacciyar sanarwa gare ni ta wadatar, ko sai an yi mata rajista a ofishin filaye kamar wakalar?