Ina neman taimako kan wasiƙar rakiya ga manajan darakta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na taƙaita rahoton shekara na kamfaninmu a Jidda zuwa shafi biyu, amma wasiƙar da za ta raka shi ta cije. Abu uku muke so manajan darakta ya yanke: sabunta hayar sito, kasafin motocin Umra, da ƙarin akanta ɗaya. Na sa kowanne a layinsa, da kuɗinsa a riyal, da shafin da hujjarsa take. Matsalar ita ce hayar kaɗai ke da wa'adi, kafin Ramadan. Idan na ɗora ta a gaba, ina tsoron ya sa mata hannu ya manta sauran biyun. In sa wa kowanne ranarsa ne, ko in ware hayar a wasiƙa daban?