Wai dala biyar a awa daga amsa tambayoyi a waya?

Nazifi: Salam jama'a. Wani abokina a Farin Gada ya ce yana samun dala 5 a awa ɗaya da amsa tambayoyin jin ra'ayi da ƙananan ayyuka a waya, awa huɗu kullum kenan dala 20. Ni na yarda da shi, zan fara. Akwai mai ja?

Bilkisu: Ni ina ja. Ka ce ya nuna maka alat na banki, ba lambar da ke kan shafin ba.

Nazifi: Ya nuna min skirinshot Anti Bilki

Bilkisu: Skirinshot na balas ɗin cikin shafi ko na kuɗin da suka shiga akawun ɗinsa? Ba ɗaya ba ne fa ƙanina.

Malam Sabo: Nazifi matsalar lissafin nan ita ce wace awa ake ƙirgawa. Za ka ga an rubuta minti 10 santi 80, ka ninka shida ka ce kusan dala 5 a awa. To amma kafin a ba ka wannan sai an tantance ka, shekarunka, aikinka, kana da mota, ka taɓa hawa jirgi bana, ka yi minti biyar kana dannawa sai su rubuto maka You do not qualify for this survey su mayar da kai baya ba ko sisi. Kamfanonin da ke biyan kuɗin nan ra'ayin masu sayen kayansu suke nema, kuma yawancinsu a Amurka da Turai kasuwarsu take, don haka mutumin Jos ya fi shan kora. Wannan lokacin da aka kore ka shi ma aiki ne ka yi, dole ka sa shi a lissafi.

Auwal Dilimi: Wallahi Malam gaskiya ne, ni ina yi idan shago ba ciniki kuma na taɓa rubutawa don in gani. Awa uku na zauna, na buɗe guda 14, aka kore ni a 11, uku ne suka kai ƙarshe, santi 40 da santi 50 da santi 75. Jimla dala 1 da santi 65.

Malam Sabo: Yauwa, raba uku, santi 55 a awa. Mu ce dala tana naira 1,500, kana da 825 kenan a awa. Cire data da cajin waya, in mun ce 500 a zaman nan duka, ka dawo wajen 650.

Nazifi: To ai Malam ka taimake ni ne ba ka sani ba. Mafi ƙarancin albashi 70,000 ne tun 2024, in ka raba da kwana 22 awa takwas-takwas kusan naira 400 ne a awa. 650 ta fi 400 ai, kuma ina kwance a ɗaki.

Bilkisu: Ka sauko daga dala biyar zuwa 650 dai

Malam Sabo: A'a Bilkisu a nan yana da gaskiya, a awa ɗaya ta fi. Inda ya kuskure shi ne mai albashi an ba shi tabbacin awa takwas kullum, kai kuma ba wanda ya ba ka. Auwal faɗa musu, kana samun awa ukun nan kowace rana?

Auwal Dilimi: Ina fa. Wata rana ka buɗe fayau ba komai, sai yamma zuwa dare ake ɗan samu bayan Amurka sun tashi. Kuma ba a cirewa sai ka tara dala 10, ni sai da na yi kusan wata kafin na kai, wajen cirewa ma aka yanki wani abu. Kuɗin data ne kawai, ban taɓa ɗaukarsa sana'a ba.

Malam Sabo: Kuma ba mu kaɗai ba. An yi bincike a 2018 kan masu aiki a Amazon Mechanical Turk, da aka haɗa da lokacin neman aiki da wanda aka ƙi biya, matsakaicin ma'aikaci wajen dala 2 yake samu a awa, kashi 4 cikin ɗari ne kawai suka wuce dala 7.25. Wannan babban dandali ne tun 2005, mutanen Amurka da Indiya suka cika shi. In su suna kan dala biyu, ni dala biyar a Farin Gada kullum-kullum ba ta shiga kaina.

Maman Iman: Ni kam nawa yana biya sosai, laikin bidiyo kawai nake yi 20 a rana 3,000. Rijista 8,000 na yi, yanzu balas ɗina 41,000

Bilkisu: Maman Iman kin cire?

Maman Iman: Sun ce sai 50,000 kuma sai na kawo mutum uku, ko in ƙara 15,000 in hau mataki na biyu

Bilkisu: Don Allah kar ki ƙara ko kwabo, kar kuma ki jawo kowa. Ba irin wanda ake magana ba ne ma, naki ke kika biya su. Ki tambayi kanki waye zai ba da naira 150 saboda laik ɗaya, a ina ya samo? Kuɗin rijistar waɗanda suka shigo bayanki ne ake ɗan yafa wa na farko don su yi talla, ranar da sabbi suka daina shigowa shafin ya rufe. Haka MMM ta yi a Disambar 2016, haka CBEX a Afrilun 2025, sunan aikin kawai ake canzawa.

Maman Iman: Amma maƙwabciyata ta cire sau ɗaya da idona na gani

Bilkisu: Shi ya sa ma kika shiga ai. Ki danna cirewa yau ki ga me za su ce, kuma in sun nemi BVN ko lambar da banki ya turo miki kar ki bayar.

Malam Sabo: Na gaskiya ba ya karɓar kuɗin shiga, ba ya ɗaure cire kuɗinka da kawo mutane, kuma adadin da za ka tara kafin cirewa a rubuce yake tun ranar farko, ba ya matsawa gaba in ka kusa. Akwai kuma waɗanda ba ɓarayi ba ne amma ɓata lokaci ne, suna biya da maki ko katin sayayya na shagon da babu shi a Najeriya. Shi ya sa kafin ka amsa tambaya ko ɗaya ka buɗe shafin biyan kuɗinsu tukuna, ka ga Najeriya tana ciki, ka ga ta wace hanya, Payoneer ne ko katin waya ko me, kuma kai kana iya karɓa ta nan. Da ka kai mafi ƙarancin adadin ka cire nan take, kar ka tara.

Nazifi: Abokin nawa fa VPN yake sawa ya zama ɗan Amurka, shi ya sa nasa ya fi

Auwal Dilimi: To ga amsar nan. Da VPN kam ana ganin manya, na san masu yi.

Malam Sabo: Ana gani, karɓa ce matsalar. Ranar cirewa da yawansu sai su ce kawo katin shaida da hoton fuska, ko su gane layin da kake hawa su rufe akawun da duk abin da ke ciki, kuma ba ka da bakin ƙorafi tunda ka karya ƙa'idarsu. Ban da haka ƙarya ce kake sayar wa mai bincike, ni ban ga halaccin kuɗin ba. Ko wanda bai yi ƙarya ba ma bai tsira ba, a Maris 2024 dandalin ƙananan ayyuka na Remotasks ya rufe wa 'yan Najeriya da Kenya ƙofa, mutane suka wayi gari ba aiki.

Auwal Dilimi: Malam maganar rufewa ba kowa ba ne gaskiya, akwai wanda ya shekara yana cirewa. Ta halacci kuma ban ce komai ba.

Nazifi: Zan gwada sati biyu ba VPN, in rubuta awa da kuɗi kamar Auwal in kawo muku nan.

Bilkisu: Ka haɗa da alat ɗin. Maman Iman kin danna?

Maman Iman: Na danna, ya rubuta Pending