Na shiga da farashi ya fasa rufin alwatika, ya dawo ciki: ina zan sa taget?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani koyin na kirifto da nake bin farashinsa a cat ɗin awa huɗu yau kwana 20. Sau uku yana taɓa dala 2.40 yana dawowa, amma ƙasansa hawa yake: 1.80 ranar farko, 1.98 a kwana na 9, 2.12 a kwana na 16. Jiya ya leƙa 2.47, na saya na dala 500 a 2.46, kafin asuba ya koma 2.25. Wani ya ce taget 3.00 ne, wani ya ce 3.20. Wanne ne daidai, kuma in riƙe ko in fita?

Ɗan Fagge: Wa alaikumussalam. Riƙe kayanka Malam, kada ka ji komai. Alwatika mai rufi a kwance da ƙasa mai hawa, wadda ake kira mai hawa, sama take fashewa kullum. Ka auna faɗin bakinta, 2.40 a cire 1.80 saura 0.60, ka ɗora a kan 2.40, ka sa odar sayarwa a 3.00 ka je ka yi barcinka.

Malamin Lissafi: Awon Ɗan Fagge daidai ne, amma "kullum" ɗin nan ban yarda da ita ba, don na sha ganin irin wannan alwatika ta zube ta ƙasa. Baban Amira, bari mu fara da abin da ke faruwa a cikinta, domin daga nan ne za ka gane abin da ya same ka jiya.

A 2.40 akwai masu kaya da suka jibge odar sayarwa, duk wanda ya zo saye a nan sai su cika masa buhu, farashi ya koma. Masu saye kuma haƙurinsu raguwa yake. Da farko sai da ya sauko 1.80 suka taɓa, daga baya suka yarda da 1.98, yanzu 2.12 ma ba sa bari ya wuce. Kowane zuwa rufin ana cinye wani abu daga kayan da aka jibge a can. Idan kayan suka ƙare kafin kuɗin masu saye ya ƙare, sai farashi ya ɓalle sama. Idan kuɗin masu saye ne ya fara ƙarewa, layin ƙasa ne zai karye. Abin da ke sa ɓallewar ta zo da ƙarfi shi ne, tsawon kwanakin nan mutane sun tara odojinsu daf da layukan biyu: waɗanda suka yi cinikin faɗuwa, wato masu cin riba idan farashi ya sauka, sun ajiye odar tsira a saman 2.40, masu jiran fashewa su ma a nan suka ajiye ta saye. Da an taɓa wurin sai odojin su tashi tare.

To kai a nan aka kama ka. Je ka duba kyandir ɗin jiya da ya kai 2.47, wato zanen da ke nuna tafiyar farashi ta waɗannan awa huɗun. Na tabbata lagwaninsa ne kawai, siririn layin da ke nuna iyakar inda farashi ya taɓa, ya leƙa sama, jikinsa a ƙasan 2.40 ya rufe. Ka kuma kunna Volume, mai nuna yawan ciniki, ka ga sandar wannan kyandir ɗin. Yadda aka saba, ciniki raguwa yake yayin da alwatika ke tsukewa, ranar fashewar gaske kuma sandar takan yi tsalle ta fi na kwanakin baya a fili, ba sai ka ƙura ido ba. Idan lagwani ne kawai kuma sandar gajera ce, rufin bai fashe ba tukuna, an share odojin da ke samansa ne aka dawo. Ni ba na shiga sai kyandir ɗin awa huɗu ya rufe a saman layi da jikinsa.

Baban Amira: Na duba Malam. A 2.36 ya rufe, sandar cinikin kuma kusan ɗaya take da na sauran. Ke nan alwatikar ta lalace?

Malamin Lissafi: Ba ta lalace ba. Layinka na ƙasa yana hawa da kusan 0.02 a kowace rana, don haka yau a kwana na 20 yana wajen 2.20, farashi kuma yana 2.25, a cikin gida yake har yanzu. Da wannan tafiyar layukan biyu za su haɗu a kwana na 30. Masu nazarin cat tun da daɗewa sun lura cewa fashewa mai ƙarfi ta fi zuwa tsakanin rabin tafiya da kashi uku cikin huɗu, wato a taka tsakanin kwana na 15 da wajen na 23. Idan ya ci gaba da jan ƙafa har ya shige tsinin, ƙarfin ya tsiyaye, ya zama tafiyar gefe kawai, kuma taget ɗin da aka auna daga bakinta ba shi da sauran nauyi. Kwana uku ko huɗu masu zuwa su ne abin kallo.

Sai batun 3.00 da 3.20. Dukansu awo ɗaya ne da ma'auni biyu. Wanda ya ce 3.00 da dala ya auna, kamar yadda Ɗan Fagge ya yi. Wanda ya ce 3.20 da kaso ya auna: daga 1.80 zuwa 2.40 ƙarin kashi ɗaya cikin uku ne, ka ƙara wa 2.40 kashi ɗaya cikin uku nata, wato 0.80, ka samu 3.20. Idan alwatika ƙarama ce, bambancin ba ya da yawa. Idan babba ce, awon dala yakan ba da amsar da hankali ba zai ɗauka ba.

Misalin da ba na mantawa shi ne Bitcoin a 2018, alwatika mai sauka, kishiyar taka. Daɓenta yana wajen dala 6,000, an taɓa yankin a Fabrairu, a Yuni, a Agusta. Samanta kuma sauka yake: wajen 11,700 a ƙarshen Fabrairu da farkon Maris, kusan 10,000 a Mayu, wajen 8,400 a Yuli, wajen 7,400 a farkon Satumba. Ranar 14 ga Nuwamba daɓen ya karye. Idan ka auna da dala, 11,700 a cire 6,000 saura 5,700, ka cire wannan daga 6,000, taget ya zama dala 300. Idan ka auna da kaso, 6,000 kusan rabin 11,700 ne, rabin 6,000 da ɗan ɗori ya kai ka wajen 3,100. A tsakiyar Disamba farashin ya tsaya a wajen 3,200. Misali ɗaya ba ya zama doka, amma tun daga lokacin duk alwatikar da faɗinta ya yi yawa sai na kunna Log, ma'aunin da ke tafiya da kaso, a manhajar cat ta TradingView kafin in auna.

A taka, da ni ne, 3.00 zan ɗauka, don a fashewar sama awon dala shi ne mafi kusa, kuma na fi son wanda zai fi saurin cika. Ko shi ɗin ma kiyasi ne, sau da yawa farashi yakan gaji kafin ya kai. Ka ja cat ɗinka hagu ka duba ko akwai wurin da ya taɓa tokarewa tsakanin 2.40 da 3.00. In akwai, waɗanda suka maƙale a can suna jira su fita da uwar kuɗinsu, kuma wannan wurin ya fi awon alwatika iko. Kada kuma ka sa odar a 3.00 cif, kowa a nan yake sawa, ka sa a 2.96 ko 2.97.

Maman Sadiƙ: Don Allah ku yi hattara. Irin wannan tsari na alwatika da ake cewa ka kawo mutum biyu su ma su kawo biyu, ƙanwata ta rasa kuɗin adashinta kaf a ciki.

Ɗan Fagge: Allah ya mayar mata da alheri Hajiya. Wannan daban ne, zanen tafiyar farashi ne a cat, babu kawo kowa.

Direban Zariya: Baban Amira, ka ƙara duba rufin nan naka da kyau, a kwance yake ko yana ɗan hawa? Abin da ya ci ni ke nan bara. Na ɗauka alwatika mai hawa ce, ashe weji ne, irin wanda yaran mota ke sa wa taya, layukan biyu duk sama suke kallo amma na ƙasa ya fi tsaye. Samansa 0.62, 0.66, 0.68, ƙasansa 0.50, 0.58, 0.63. Ni murna nake ina ganin sabon sama kowane mako, ban lura ba cewa ƙarin farko 0.04 ne, na biyu 0.02 kawai. Mota ce a kan hawa tana ta ƙugi amma gudunta raguwa yake. Na saya a 0.67, ya karya layin ƙasa a wajen 0.64, ban fita ba sai a 0.53. Daga baya aka nuna min cewa weji mai hawa ƙasa ya fi karyewa, mai sauka kuma sama, kuma taget ɗinsa inda ya faro ne, wato 0.50 a nawa.

Malamin Lissafi: Haka ne Direba, wasu kuma faɗin bakin wejin suke ɗauka su cire daga inda ya karye, a naka 0.12 daga 0.64, ya ba da 0.52. Ka ga biyun sun kusa haɗuwa, kuma kusan a nan ka sayar. Na Baban Amira dai taɓawa uku a 2.40 ne, rufin a kwance yake, sai dai idan gobe ya yi 2.50 ya sake rufewa a ciki, to sai a sake zanen.

Abin da ba a tambaya ba shi ne wurin fita idan ta ƙi. Ƙasan ƙarshe 2.12 ne, idan ya rufe a ƙasansa labarin masu saye da ke matsowa sama ya ƙare. Ka sa stop-loss, wato odar tsira da za ta sayar maka idan ya faɗi, a wajen 2.08. Dala 500 a 2.46 ta ba ka guda 203 da 'yan kai, asarar 0.38 a kowanne ta kama wajen dala 77, ribar 0.54 zuwa 3.00 kuma wajen dala 110. Ba laifi, amma ba ciniki ne mai daɗi sosai ba. Da ka jira ya fasa ya dawo ya taka 2.40 daga sama ka shiga a 2.41, da kasadar 0.33 ce a kan ribar 0.59. Idan dala 77 ta fi ƙarfin abin da za ka iya rasawa, ka rage rabin kayan yanzu.

Ɗan Fagge: A nan muka rabu Malam. Jiran ya dawo ya taka layi ya sa na rasa fashewa masu kyau da yawa, masu ƙarfin ba sa waiwaye. Kuma 2.08 ya yi nisa, ni a ƙasan layin mai hawa zan sa, wajen 2.17.

Malamin Lissafi: Ba ka yi ƙarya ba a kan na farkon, ba kowace ke dawowa ba. Amma 2.17 lagwani ɗaya zai ɗauke shi, kamar yadda lagwani ya ɗauki 2.46 jiya.

Baban Amira: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na ja cat ɗin baya, akwai inda ya tokare sau biyu a 2.85 wata uku da suka wuce. Na sayar da rabi a 2.26, na sa 2.08 a kan sauran. Idan ya fasa, in sauke duka a ƙasan 2.85 ɗin ne, ko in bar wani abu ya gwada 2.96?