Lissafina ya ce zan haihu 17 ga Disamba, hoton ciki ya ce 26, wanne zan riƙe?

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon ungozoma ko likita, kaina ya ɗaure.

Jinin al'adata na ƙarshe ya fara zuwa ranar 10 ga Maris. Na bi lissafin da aka saba: na ƙara kwana 7, na koma baya wata 3, ya ba ni 17 ga Disamba, wato sati 40 da kwana 2. Amma da aka yi mini hoton ciki ranar 29 ga Mayu, aka auna tsayin ɗan daga kai zuwa mazaunai, sai aka ce cikin sati 10 ne da kwana 1, alhali ni ina ƙirga sati 11 da kwana 3. Nan take ma'aikaciyar ta soke kwanan da ke katina ta rubuta 26 ga Disamba.

Na san lissafin nan ya ginu ne kan mai ganin al'ada duk kwana 28, ni kuwa tawa sai ta kai kwana 35. Wannan na iya jinkirta fitar ƙwai da sati guda. To, bambancin kwana 9 ne, sauran kwana 2 fa?

Abin da ke hana ni barci: ta yaya ake bambance kuskuren lissafi da ɗan da ba ya girma yadda ya kamata? In hoton sati 20 ya zo da wani kwanan daban, za a sake canzawa ne?