Tambaya: quicksort na hargitsa min jerin bayanai masu maki ɗaya

Jama'a, ina neman shawararku. Akwai jerin bayanai kusan miliyan biyar, kowanne da suna da maki. Na fara jera su bisa suna, sannan na sake jera su bisa maki da quicksort, da nufin duk waɗanda makinsu ya zo ɗaya su ci gaba da bin tsarin sunayensu. Sai ga shi sun cakuɗe.

Ga ƙaramin misali: (A,7), (B,7), (C,3). Idan aka ɗauki na ƙarshe a matsayin ma'auni, rabon Lomuto zai musanya C da A, a ƙare da C, B, A. Wato B ya sha gaban A alhali makinsu ɗaya. Musanya daga nesa ce ke jawo haka. Shi kuwa merge sort ba ya yin haka, muddin wajen haɗewa ana amfani da `<=` don na hagu ya fara shiga.

Abin da ya tsayar da ni shi ne ma'adana, domin merge sort na buƙatar ƙarin wuri O(n), kuma bayanan manya ne. Ga shi makin daga 0 zuwa 100 ne kawai, maimaici ya yi yawa, abin da ke tura Lomuto wajen O(n²).

To wanne ya fi: in jera lambobin matsayi kaɗai da merge sort, ko in ƙara matsayin asali cikin kwatancen quicksort don raba gardama? Wanne zai fi sauri a wannan girman?