Me Ya Sa Alƙaluman Plus-Minus Ke Yaudarar Mutane

Shawarar da masu bin ƙididdigar wasanni suka fi nanatawa a wata tattaunawa kan auna ƙwazon 'yan wasa ita ce kada a yanke wa ɗan wasa hukunci da ɗanyen plus-minus. Lissafin da sauƙi: a kwallon kwando, makin da ƙungiyarsa ta ci yana fili, a cire wanda aka ci su. Matsalar, abokan wasa huɗu da abokan hamayya biyar duk suna da hannu a wannan adadin.

Wani ya kawo misali. Ɗan wasa ya buga minti 30, ya tashi da +6. Da abokan hamayya sun ci ƙwallo biyu masu maki uku-uku da suka kuskure, da ya koma 0, alhali wasansa bai canza ba ko kaɗan. Wannan misalin ya gamsar da ni ƙwarai.

Game da on-off, wato kwatanta ƙungiya ɗan wasan yana ciki da yana benci, an ja kunne sosai. Idan mai canjinsa rarrauna ne, adadinsa zai kumbura ba da ƙoƙarinsa ba.

A hokin ƙanƙara abin ya fi muni, domin ƙwallayen da ake ci kaɗan ne, kuma mai tsaron raga na iya ɗaga ko nutsar da kowa. A NHL ma, babbar gasar hokin ta Arewacin Amurka, ba a ƙirga ƙwallon da ƙungiya ta ci tana da rinjayen 'yan wasa bayan hukunci. Shi ya sa suka ce a duba yawan harbi, wato Corsi. A kwando kuma a nemi RAPM, wani gyararren plus-minus mai tace tasirin abokan wasa, a haɗa kaka biyu ko uku.